Ciyawar Da Ba Ta Da Ƙashi: Yadda Iska Ke Kaɗawa A Wasannin Bidiyo

A shekarar 2020 kamfanin Sucker Punch ya fitar da wasan Ghost of Tsushima, labarin wani jarumin Japan a zamanin da rundunar Mongol ta afka wa tsibirin Tsushima a 1274. Masu wasan sun yi wata dabara da ta sa aka yi ta maganarsu: maimakon kibiya a gefen allo ta nuna maka hanya, iska ce ke nunawa. Inda ka ga ciyawa ta kwanta, can za ka dosa. Fili ne fetal, ciyawa iya ganinka, kowane sili yana rangaji, ga tutoci a bakin sansanoni suna filfilawa. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka wani ne ya zauna ya tsara wa kowane sili motsinsa. Ba haka ba ne. Babu wanda ya tsara motsin, kuma ba a ajiye shi ko'ina a cikin na'urar ba. Lissafi ne ɗan gajere ake maimaitawa a kowane hoto, a yi shi a manta, a sake yi.

Kafin a gane dabarar, sai an san da me ake gina abin da ake gani a allo. Duk wani abu a wasan bidiyo, mutum ne ko doki ko ganye, raga ce ta ƙananan alwatika da aka jera gefe da gefe. Kowace alwatika tana da kusurwa uku, kowace kusurwa kuma ɗigo ce da ke da lambobi uku masu faɗin inda take: dama ko hagu, sama ko ƙasa, gaba ko baya. Idan ɗigon ya matsa, alwatikar da ke rataye da shi ta bi shi. Saboda haka motsa abu a wasa ba komai ba ne illa sauya lambobin ɗigoginsa, sau 30 ko sau 60 a kowace daƙiƙa. A wasan da ke fitar da hoto 60 a daƙiƙa, na'ura tana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ta gama komai: lissafin faɗa, sauti, haske, inuwa, da ciyawa.

Me ya hana a sa mata ƙashi?

Mutum da dabba ana motsa su ne da ƙwarangwal. Mai zane zai dasa ƙasusuwa na boge a cikin ragar, ya ɗaure kowane ɗigo da ƙashin da ke kusa da shi, yawanci har guda huɗu, ya kuma faɗi gwargwadon yadda kowane ƙashi zai ja shi. Sai a tsara motsin ƙasusuwan, a ajiye: tafiya, gudu, sara da takobi. A lokacin wasa, babbar ƙwaƙwalwar na'ura, wato furosesa, ita ke lissafa inda kowane ƙashi ya kai, ta tura sakamakon zuwa katin hoto. Wannan tsari ya dace da jarumi ɗaya da abokan gabansa ashirin.

Yanzu ka ɗauki fili mai sili dubu 100, ka ba kowane sili ƙashi uku kacal don ya iya lanƙwasa. Ƙashi dubu 300 ke nan. Matsayin kowane ƙashi yana cin aƙalla lambobi 12, kowace lamba bayit huɗu, don haka a kowane hoto sai an lissafa an kuma tura sama da megabayit 14. A daƙiƙa ɗaya za a yi lissafin ƙashi sau miliyan 18, duk don ciyawar da ɗan wasa zai taka ya wuce bai ko kalle ta ba. Asarar ba ta tsaya nan ba. Idan duk silin suna bin motsi ɗaya da aka ajiye, za su riƙa sunkuyawa tare suna miƙewa tare, idan kuma ana so su bambanta sai an riƙe wa kowanne nasa lissafin.

Mafitar tana cikin katin hoton kansa. Tun wajen 2001, lokacin da Nvidia ta fitar da GeForce 3, katunan hoto na masu wasa suka fara karɓar ɗan gajeren shiri da mai haɗa wasa zai rubuta da kansa, wanda katin zai gudanar a kan kowane ɗigo kafin ya zana shi. A manhajojin haɗa wasa za ka ga an rubuta sunansa `Vertex Shader`. Mu kira shi shirin ɗigo. Ɗigo ya shigo da lambobinsa na asali, shirin ya taɓa su, ɗigon ya fita da sababbi. Katin hoto yana da ɗaruruwa ko dubban ƙananan ma'aikata a cikinsa da ke yin wannan aiki a lokaci guda, kowanne da nasa ɗigon. (A gaskiya ma, ɗaura fata a kan ƙwarangwal shi ma a katin hoto aka saba yin sa, sau da yawa a cikin wannan shirin. Bambancin shi ne ƙwarangwal yana buƙatar a aiko masa da matsayin kowane ƙashi daga waje, ciyawa kuwa ba ta buƙata.) Abin da furosesa za ta aiko wa filin ciyawa duka bai wuce lambobi kaɗan ba: ƙarfe nawa, ina iska ta dosa, yaya ƙarfinta.

Akwai sharaɗi ɗaya, kuma a kansa komai ya rataya. Shirin ɗigo ba ya tuna abin da ya faru a hoton da ya wuce, kuma ba ya ganin ɗigon da ke maƙwabtaka da wanda yake hannunsa. Abin da ya sani kawai shi ne inda ɗigon yake tun asali, ɗan bayanin da mai zane ya liƙa masa, da lokaci. Arhar dabarar daga nan ta fito, kuma kusan duk wata tangarɗa da za ka gani a ciyawa ko tuta a wasa daga nan ta samo asali.

Sili ɗaya, rabin mita

Bari mu ɗauki sili mai tsawon santimita 50, a gina shi da ɗigo bakwai: biyu a gindi, biyu-biyu a hawa biyu na tsakiya, ɗaya a tsini. Alwatika biyar ke nan. Ga shirin da zai kaɗa shi, a rubuce da yaren Godot, manhajar haɗa wasa da ake saukewa kyauta:

```glsl
shader_type spatial;
render_mode world_vertex_coords, cull_disabled;

void vertex() {
    float h = 1.0 - UV.y;
    float p = VERTEX.x * 0.8 - TIME * 2.0;
    VERTEX.x += sin(p) * 0.15 * h * h;
}
```

Layuka uku ne ke aikin. Na ƙarshe yana ɗauke da `sin`, wanda duk ɗalibin sakandare ya haɗu da shi a darasin lissafi. Halinsa shi ne duk lambar da ka ba shi, amsarsa tana kai-komo a hankali tsakanin 1 da -1, tana cika zagaye ɗaya duk lokacin da lambar ta ƙaru da kusan 6.28. Tunda an ninka lokaci da 2, silin zai je ya dawo a cikin daƙiƙa uku da 'yan kai. Lambar 0.15 ita ce nisan tafiyar, wato santimita 15 kowane ɓangare.

Da an tsaya a nan, silin duka zai riƙa zamewa a kan ƙasa, gindi da kai tare. Shi ya sa aka kawo `h`, wadda take 0 a gindi, take 1 a tsini. Ana samo ta ne daga lambobin da mai zane ya riga ya ba kowane ɗigo don shimfiɗa hoto a jikin ragar. Duk abin da aka ninka da 0 ya zama 0, don haka gindi yana nan kafe. Me ya sa aka ninka `h` sau biyu? Domin ciyawa ba ta karkata a miƙe. Ƙasanta yana da tauri, samanta ne ke bin iska. A tsakiyar sili `h` rabi ce. Da sau ɗaya aka ninka, tsakiyar za ta matsa santimita 7.5, silin ya karkata sambal. Da aka ninka sau biyu, rabin rabi ya zama kwata, tsakiyar ta matsa ƙasa da santimita 4 yayin da tsini ya tafi 15, sai silin ya yi lanƙwasa mai kyau. Idan kuwa ka ga tsinin ciyawa a tsaye cak amma gindinta na rawa, to an juya `h` ne, sai a cire `1.0 -` ɗin ko a mayar da shi, gwargwadon yadda aka shimfiɗa hoton.

Layi na tsakiya shi ne mai daɗin. An saka matsayin ɗigon a fili, `VERTEX.x`, a cikin abin da ake ba `sin`. Ma'anarsa silin da ke mita ɗaya gaba yana yin motsi iri ɗaya da na baya, amma ya ɗan makara. Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo ya ga yadda 'yan kallo ke yin igiyar nan da ke zagaye filin wasa: ba wanda ya bar kujerarsa, kowa tashi kawai yake ya zauna, ɗan jim bayan na kusa da shi, amma daga nesa sai ka ga wani abu yana gudu. Haka nan ciyawar. Ba silin da ya san da wani, amma ido yana ganin iska tana ratsa fili. Da waɗannan lambobi, tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba kusan mita 8 ne, kuma igiyar tana tafiya mita biyu da rabi a daƙiƙa, wato 2 a raba da 0.8. Mai haɗa wasa zai iya zama ya murɗa waɗannan lambobi biyu har ya samu iskar da yake so, ta sanyin safiya ko ta gaban hadari.

Shi kuwa `world_vertex_coords` da ke saman shirin ba ado ba ne. Ciyawar wasa sili ɗaya ce ake zanawa sau dubbai, kowane kwafi a juya shi wata fuska don kada a gane. Idan aka yi lissafin bisa damar silin da hagunsa, to kowanne zai sunkuya inda fuskarsa take, wani gabas wani kudu, fili ya rikice ba a san ina iska ta dosa ba. Wannan kalma tana cewa a yi lissafin bisa gabas da yammacin duniyar wasan, sai kowa ya kwanta fuska ɗaya.

Har yanzu da saura. `sin` yana tura sili gaba da baya daidai wa daida, ita kuwa iska gefe ɗaya take turawa, ciyawar ta ɗan farfaɗo, a sake tura ta. Gyaran ba wuya: a raba amsar `sin` biyu a ƙara mata rabi, sai ta koma yawo tsakanin 0 da 1, silin ya riƙa kwanciya yana tashi ba tare da ya ƙetare zuwa ɓangaren da iska ta fito ba.

Sai matsalar da ba ta bayyana sai iska ta yi ƙarfi. Shirin yana tura tsini gefe, amma bai sauko da shi ƙasa ba. Da turin santimita 15, nisa daga gindi zuwa tsini ya zama 52 da 'yan kai maimakon 50, ba mai lura. Amma ka ce guguwa ta taso, turin ya kai santimita 40: nisan ya zama 64. Silin ya ƙara sama da kwata na tsawonsa, ciyawa tana talewa tana komawa. Idan ana so tsini ya yi nisan 40 a gefe kuma tsawon ya tsaya a 50, dole ya sauko zuwa santimita 30 daga ƙasa. Don haka shirin da ya ƙware yakan auna nisan ɗigo daga gindi kafin turi, bayan turi kuma ya jawo shi ya dawo wannan nisan.

Dabarar Crysis da launin da ba a gani

Ciyawa tana da sauƙi saboda tsawo kaɗai ya isa ya faɗi inda ke da tauri. Ganyen ayaba ko na kwakwa fa? Jijiyar tsakiya tana da ƙarfi, gefen ganye yana karkarwa, kowane ganye kuma yana da nasa lokacin. Wasan Crysis na kamfanin Crytek, wanda ya fito a 2007 da dajinsa na tsibiri, ya bi wata hanya da Tiago Sousa ya yi bayaninta a littafin GPU Gems 3 a wannan shekarar, kuma har yau ana koyi da ita. An raba motsin gida biyu: babban lanƙwasa na tsiron gaba ɗaya zuwa inda iska ta dosa, da ƙaramin karkarwa na ganyaye. Don ƙaramin, mai zane yana shafa wa ɗigogi launi, launin da ɗan wasa ba zai taɓa gani ba domin saƙo ne zuwa ga shirin. Ja yana faɗin taurin gefen ganye, shuɗi yana faɗin taurin ganyen baki ɗaya, kore kuma yana ba kowane ganye nasa jinkirin don kada su motsa tare. Da buroshi kawai mai zane ke faɗa wa lissafi inda zai taɓa da inda zai ƙyale, kuma a ganina wannan ne ya sa dabarar ta daɗe: ta mayar da hukunci hannun mai ido, ba mai rubuta shiri kaɗai ba.

Igiyar `sin` guda ɗaya tana da wani aibi, wato tana maimaita kanta daidai, ido kuma ba ya daɗewa yake ganowa. Daga kan tudu sai ka hango fili ya yi layi-layi masu tazara ɗaya. Wasu sukan haɗa igiyoyi biyu ko uku masu saurin da bai dace da juna ba. Waɗanda suka fi kulawa sukan yi amfani da wani hoto mai dabbare-dabbaren fari da baƙi masu narkewa cikin juna, irin wanda Ken Perlin ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Ana shimfiɗa hoton a kan fili a ɓoye, ana jan sa a hankali zuwa inda iska ta dosa. Kowane sili ya duba abin da ke kansa a wannan lokacin: fari, iska mai ƙarfi, baƙi, lumana. Irin wannan ne ke kaɗa filayen Ghost of Tsushima, inda katin hoto ne ma ke ƙirƙiro silin da kansa a kowane hoto, a matsayin lanƙwasasshen layi, ya ba na kusa ɗigogi da yawa, na nesa kaɗan.

Tuta

Tuta ciyawa ce da aka kwantar: maimakon gindi, sanda ce ke riƙe ta. Sai dai a nan igiyar tana ratsa jikin abu ɗaya ne, ba fili ba, kuma wannan ya kawo kuskuren farko da kusan kowane sabon shiga ke yi. Ya ɗauko murabba'i mai ɗigo huɗu, ya liƙa masa hoton tuta, ya rubuta shiri daidai, amma tutar ta ƙi lanƙwasa, sai dai ta riƙa lilo a sandare. Shirin ɗigo ba ya iya motsa wurin da babu ɗigo. Dole a yanka ƙyallen. Tuta mai faɗin mita ɗaya da rabi da tsayin mita ɗaya, idan aka raba ta gida 30 a kwance da 20 a tsaye, za ta samu ɗigo 651 da alwatika 1,200, wanda ba komai ba ne a wurin katin hoto.

```glsl
void vertex() {
    float p = UV.x * 9.0 - TIME * 6.0;
    VERTEX.z += sin(p) * 0.12 * UV.x;
    float s = 0.12 * (sin(p) + 9.0 * UV.x * cos(p)) / 1.5;
    NORMAL = normalize(vec3(-s, 0.0, 1.0));
}
```

Layuka biyun farko mun riga mun san su. `UV.x` tana 0 a jikin sanda, tana 1 a bakin tuta, don haka wurin ɗauri ba ya motsi, baki kuma yana kaɗawa santimita 12. Lambar 9 tana sa igiya kusan ɗaya da rabi ta kwanta a jikin ƙyallen a lokaci guda, wato kowace igiya ta samu ɗigo wajen 20 a jere, shi ya sa take fita sumul. Idan ka ɗaga 9 ɗin zuwa 60 ba ka ƙara yanka ba, kowace igiya za ta samu ɗigo uku kacal, tutar ta yi ƙwanƙwasa-ƙwanƙwasa masu tsini.

Layuka biyun ƙarshe su ne ke raba tutar da ta yi kama da yadi da wadda ba ta yi ba. Kowane ɗigo yana ɗauke da wata kibiya da ke nuna inda fuskar ragar ta kalla a wurin, da ita ake lissafa haske: inda ya fuskanci rana ya yi haske, inda ya juya ya yi duhu. Shirin ya motsa ɗigogi, amma kibiyoyin suna nan yadda aka bar su, suna cewa tutar a shimfiɗe take. Sakamakon shi ne za ka ga gefen tuta yana kaɗawa amma cikinta launi ɗaya fes, babu inuwar ninki ko kaɗan. Shirin ba zai iya leƙa ɗigon maƙwabta ya auna gangaren ba, amma tunda da lissafi aka yi lanƙwasar, da lissafi za a san gangarenta: `cos` shi ke faɗin gangaren `sin`. Ana samun gangaren, a karkatar da kibiyar daidai da shi, nan take ninkin yadi ya fito yana gudu daga sanda zuwa baki. A ƙara ɗan `UV.y` a cikin `p`, sai ninkin ya riƙa zuwa a karkace maimakon a tsaye, wanda ya fi kama da gaskiya.

Inda asiri ke tonuwa

Duk wannan motsi yana faruwa ne a katin hoto, a matakin ƙarshe. Furosesa ba ta da labari. A wurinta tutar tana nan a shimfiɗe. Ita ce kuma ke yanke hukuncin abin da za a zana da abin da za a tsallake, ta hanyar duba wani akwati na boge da ke kewaye da kowane abu. Idan akwatin ya fita daga idon kyamara, ba a zana abin. To idan iska ta tura bakin tuta waje da akwatinta, ɗan wasa yana juya kyamara sai ya ga tutar ta ɓace ɓat a gefen allo alhali bakinta bai gama fita ba. Maganin shi ne a faɗaɗa akwatin da gwargwadon turin. A Godot akwai wurin da aka rubuta `Extra Cull Margin` don haka. Inuwa ma zana ta ake yi daban, daga ɓangaren rana. Idan zanen inuwar bai bi ta shirin iska ba, tuta na filfilawa a sama, inuwarta a ƙasa ko gezau.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda ta fi shafar duk mai haɗa wasa don waya, balle ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu. Don a rage wa katin hoton waya nauyi, akan yi wasu lissafe-lissafe da gajerun lambobi masu bit 16. Irin wannan lamba tana rasa ƙananan rabe-rabe yayin da take girma. Da lokaci ya kai daƙiƙa 64, ba ta iya bambance abin da ya gaza kashi ɗaya cikin 16 na daƙiƙa, alhali ana fitar da hoto 30 ko 60. Da ya wuce daƙiƙa 1,024, wajen minti 17 ke nan, sai dai ta ƙirga daƙiƙa ɗai-ɗai. Alamar ba ta ɓuya: wasa ya fara lafiya lau, bayan 'yan mintoci ciyawa ta fara tsalle-tsalle, can kuma ta riƙa daskarewa tana zabura, a kwamfuta kuwa ba a ganin komai. Lokaci dole a riƙe shi a cikakkiyar lamba mai bit 32. Ita ma tana gajiya idan an daɗe, shi ya sa Godot ke mayar da `TIME` zuwa 0 duk bayan daƙiƙa 3,600. Hakan yana nufin shirinmu na sama zai sa duk filin ya yi zabura ɗaya a ƙarshen kowace awa, domin 7,200 ba ta rabuwa daidai da 6.28. Wanda abin ya dama sai ya zaɓi saurin da ke cika zagaye cif a cikin awa, misali `TIME * TAU * 0.3`, wanda ke yin zagaye 1,080 daidai.

Waɗannan duk suna da magani. Wanda ba shi da magani a cikin shirin ɗigo kaɗai shi ne rashin tuna baya. Tutar nan ba za ta taɓa naɗe sandarta ba, ba za ta maƙale a reshe ba, kuma idan jarumi ya bi ta cikinta ratsa shi za ta yi. Idan iska ta ɗauke ba za ta zube ta rataya yadda yadi ke yi ba, sai dai mai shiri ya zana siffar ratayar daban ya riƙa narkar da ɗaya cikin ɗaya. Ciyawa kuwa ana iya sa ta kauce wa ɗan wasa: a aika wa shirin inda ƙafarsa take, duk silin da ke kusa ya karkata nesa da shi. Amma yana ɗaga ƙafa za ta miƙe nan take, domin ba ta san an taka ta ba. Wasannin da kake ganin sawun doki ya kwanta a ciyawa yana tashi a hankali, wani ɓoyayyen hoto suke ajiyewa daban, suna shafa masa alama duk inda aka taka, suna goge ta sannu-sannu, shirin ɗigo kuma yana karantawa.

Saboda haka masu sana'ar sukan raba aikin. Alkyabbar jarumi da ke gaban kyamara koyaushe, da labulen da za a yaye da hannu, waɗannan ana ba su ƙashi ko cikakken lissafin yadi, a biya kuɗinsa. Tutoci hamsin da ke kan ganuwar gari da ciyawar da ta rufe kwari kuwa, shirin ɗigo ya ishe su, kuma ɓarna ce a ba su fiye da haka.

Mai karatu da ke da kwamfuta ko da matsakaiciya ce zai iya gwadawa a zama ɗaya. Ka sauke Godot 4, ka saka `MeshInstance3D`, ka ba shi `QuadMesh` mai faɗin 1.5 da tsayin 1, ka sa `Subdivide Width` a 29 da `Subdivide Depth` a 19, ka kunna fitila a gefe, sannan ka kwafi shirin tutar a ƙarƙashin layin `shader_type spatial;`. Idan ta fara kaɗawa, ka goge layuka biyun ƙarshe ka ga yadda ninkin ke ɓacewa, sannan ka mayar da yankan zuwa 0 ka ga ta sandare.